Gwanintar Raba Furotin: Yadda Mai Ɗaga Ƙarfe Ke Zubar da Kitse Ya Bar Tsoka

Rage ƙiba ba wuya ba ne, kowa ya zauna da yunwa zai rame. Abin da ke da wuya, wanda kuma yake burge ni a wajen masu ɗaga ƙarfe da suka san kan abin, shi ne mutum ya zubar da kitse tsokarsa tana nan daram. Idan abincin da ke shiga ya gaza abin da jiki ke ƙonawa, jiki ba kitse kaɗai yake taɓawa ba, har tsoka yana gutsura. Abu biyu ne ke taka masa birki: ci gaba da ɗaga ƙarfe mai nauyi, da kuma furotin, wato sinadarin gina jiki, isasshe kuma a rabe.

A gari kamar Babban Mutum, can ƙaramar hukumar Baure a masarautar Daura, dab da iyakar Nijar, gero ne sarkin abinci. Da safe koko ko kunu, da rana fura, da dare tuwo da miyar kuka. Abinci ne mai riƙe ciki, amma ga saurayin da ke son rage kitse akwai matsala a tsarin: wuni guda yana shan gero, sai bayan isha'i ya tsaya wajen mai tsire ya ɗura nama a zama ɗaya. Gwani ba ya haka, kuma lissafinsa ba mai tsawo ba ne.

Mu ɗauki saurayi mai nauyin kilo 75 da ke son sauka zuwa 70. Masana sun fi tsayawa a kan giram 1.6 zuwa 2.2 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, kuma mai rage kitse ya fi dacewa ya karkata wajen sama. Idan ya ɗauki giram 2, ya sami giram 150 a rana. A 2018 Brad Schoenfeld da Alan Aragon sun ba da shawarar a raba wannan aƙalla kashi huɗu, kowane ci ya kai giram 0.4 zuwa 0.55 ga kowane kilo. Ga saurayinmu, giram 30 zuwa 41 ke nan a kowane zama.

Me ya kawo wannan rabon? Duk lokacin da furotin ya shiga ciki da ɗan yawa, jiki yakan tashi aikin gina tsoka na wasu sa'o'i, sannan ya lafa. Idan abin da aka ci ya yi kaɗan, aikin ba ya kankama sosai. An gwada wannan a 2013, lokacin da José Areta da abokan aikinsa suka ba masu motsa jiki giram 80 cikin awa 12 bayan atisaye. Wasu sun sha giram 10 sau takwas, wasu giram 20 sau huɗu, wasu giram 40 sau biyu. Masu sau huɗu ne jikinsu ya fi gina tsoka. Tsakurar abinci kowane lokaci bai yi ba, tara shi a ci sau biyu ma bai kai ba.

Inda ake gane ƙwararre shi ne ya san nauyin abinci daban, nauyin furotin da ke cikinsa daban. Da yawa suna jin an ce giram 35 sai su ɗauka yanka biyu na nama ne. A'a. Dafaffen jan nama marar kitse giram 100 furotin ɗinsa bai wuce giram 26 zuwa 30 ba. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Dafaffen wake giram 100 yana ba da kamar giram 8 kawai, ko da yake ɗanyensa ya haura 20, domin ruwa ne ya cika shi. Nono kuwa, kofi mai cin mililita 300 yana da kusan giram 10. Shi ya sa za ka ga mai wannan harka da ɗan sikelinsa na kicin, yana auna nama bayan an gasa, abokai suna yi masa dariya wai ya zama mai sayar da zinariya. Ba ya daɗewa yake ajiye sikelin, ido ya riga ya koya: tsokar da ta kai faɗin tafin hannunsa da kaurinsa ta doshi giram 100.

Ga yadda ranarsa za ta iya kasancewa. Da safe ya dafa ƙwai huɗu, na kaza ko na zabi in damina ce, ya kora da kofin nono ba sukari. Ya tashi da giram 34 ko kusa da haka. Wannan cin na safe shi ne ya fi gagarar mutane, domin koko da ƙosai uku ba su kai rabin abin da ake nema ba, ga man da ƙosan ya sha. Bayan azahar ya ci dafaffen wake giram 200 da tsokar kaza giram 70, giram 37 ke nan. Bayan la'asar ya yi atisaye, ya je wajen mai balangu ya ce: "Malam, zaɓo mini jan nama, ban da kitse, kar ka zuba mai." Giram 130 zai ba shi kimanin 35. Da dare ƙaramar malmalar tuwo, kifi ko nama giram 100 a miya, da kofin nono kafin ya kwanta, kusan giram 40. A haɗa duka, ya kusa cika 150, kuma tsakanin ci da ci awa huɗu ne ko biyar.

Tarkon da ya fi kama mutane mai ne. Awara da ƙuli-ƙuli suna da furotin, ga araha, amma soyayyu ne, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Mutum zai iya cika giram ɗinsa tsaf alhali sikeli bai motsa ba. Fura ma haka: gero da sukari sun fi nonon yawa, don haka mai rage kitse yakan ce a ƙara nono a rage dunƙulen furar. Idan aljihu ya yi sanyi, kuma yakan yi, waken suya da busasshen kifi da fara suna rufa asiri.

Yaya ake sanin tsarin yana tafiya? Nauyi ya riƙa sauka da kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari a mako, wato kamar rabin kilo ga saurayinmu, ƙugun wando yana saki, amma ƙarfen da yake ɗagawa bai ragu ba. Idan ya zubar da kilo biyu a mako kuma ƙarfen jiya ya gagare shi yau, da alama tsoka ce ke tafiya, sai ya ƙara abinci.

Sai dai kada a mayar da rabon ya zama farilla. Jimillar rana ita ce gaba, rabo na biye. Maganar da ake yawo da ita cewa jiki ba ya amfana da abin da ya wuce giram 30 a zama ɗaya ba daidai ba ce. Wani bincike na Jorn Trommelen a 2023 ya nuna ko giram 100 jiki yana amfani da shi, sai dai ya ɗauki lokaci mai tsawo. Wannan ya sauƙaƙa wa mai azumi: giram 50 a buɗa-baki, 50 bayan tarawihi, 50 a sahur, ya wadatar. Amma duk mai ciwon ƙoda kada ya kusanci waɗannan adadin sai likita ya duba shi ya amince.