Jinjina ga Kafintocin Illela Masu Gyaran Ƙofa

Damina na kamawa a Illela, ƙofofin shaguna da ke kan hanyar Birnin Konni sai su fara gardama. Ka tura ƙofa, ta komo maka, harshen makulli ya ƙi faɗawa raminsa. Mai gaggawa zai ce makullin ya mutu, a sayo sabo. Kafintan kirki kuwa alli yake fara nema.

Na ga wani dattijo yana wannan aiki a shagon mai hatsi. Ya goga alli a bakin harshen, ya rufe ƙofar a hankali, ya buɗe. Tabon allin ya fito a ƙasan ramin farantin ƙarfen da ke jikin gimshiƙin ƙofar.

"Alhaji, makullinka lafiya lau," in ji shi. "Ƙofar ce ta sunkuya."

Nauyinta ya sassauta kusoshin patta ta sama, ga katakon da ya bushe da hunturu yanzu ya sha laima. Ya fara ɗaure pattar, don wani sa'in gyaran ke nan. Da ya sake gwadawa, saura kamar milimita 2, sai ya sa zarto ya ci leɓen ramin ta ƙasa. In tazarar ta fi haka, in ji shi, sai ya kwance farantin, ya toshe tsofaffin ramukan kusa da tsinken ashana da gam, ya sauko da shi. In ba a toshe ba, kusar tsohon gurbinta za ta koma.

Ya tura ƙofar da yatsa ɗaya, ta ce ƙyas.