Ba Bango Kaɗai Ido Ke Gani Ba

Yanzu da wuya ka kira mai fenti ko mai kayan ɗaki bai ambata maka 60-30-10 ba. Ƙa'ida ce da ta fito daga masu ƙawata ɗakuna na ƙasashen Turawa: launi ɗaya ya ci kashi 60 cikin ɗari na ɗakin, na biyu ya ci 30, na uku, wanda shi ne mai jan ido, ya tsaya a kashi 10. Ina son ƙa'idar, kuma na ga amfaninta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ƙidaya ta. Mun mayar da ita lissafin bokitin fenti, alhali kuwa abin da ido ke gani idan mutum ya tsaya a bakin ƙofa shi ake rabawa.

A falon ƙanwata na gane haka. Tsawonsa mita 5 ne, faɗi mita 4, tsayin bango mita 3. In aka cire ƙofa da tagogi, bangon da za a shafa ya kai murabba'in mita 48. Mai fentin ya yi lissafinsa tsaf: dogon bango guda, wajen murabba'in mita 15, ya shafa masa ruwan toka, ya zagaya ɗakin da jan layi mai faɗin santimita 30, wajen murabba'in mita 5 ke nan, sauran ya bar shi ruwan madara. Ranar da ya gama, falon babu komai a ciki, ya yi kyau ƙwarai.

Sai aka kawo kaya. Kujeru masu ruwan makuba, labule ruwan gwal, ga tayil ɗin ƙasa mai ruwan ƙasa wanda da ma yana nan ba wanda ya sa shi a lissafi. Launi uku suka zama shida. Kujerun sun rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon daga ƙasa, labule ya cinye gefen tagogi gaba ɗaya, ruwan madarar da aka ce shi ne babba ya koma ɗan abin da ke leƙowa tsakanin kaya. Ta ce mini, "Yaya, ni fa in na shiga falon nan idona ba ya samun wurin hutawa." Gaskiya ta faɗa.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba, domin mun fara ne daga abin da ba zai sauyu ba. Tayil ba zai tashi ba, kujeru kuma an riga an saya. Ƙasan falon kaɗai murabba'in mita 20 ne, ya fi dogon bangon da aka yi ta lissafi a kansa girma. Don haka muka shafe bangon duka huɗu da ruwan madara mai ɗan karkata zuwa launin tayil ɗin, har bango da silin da ƙasa suka zama dangi ɗaya: kashi 60 ke nan. Kujerun suka riƙe kashi 30, muka sauya labule zuwa mai kama da su don ya tallafa musu. Kashi 10 kuma muka ba kore mai duhu: matasan kujera huɗu, ƙaramar darduma a tsakiya, da tukunyar shuka a kusurwa. Da gangan muka raba shi wuri uku, don launi mai jan ido idan ya tsaya wuri ɗaya kamar tabo yake zama, in ya maimaitu sai ido ya riƙa bin sa yana zagaya ɗakin.

Hanyar auna abin ba ta bukatar tef. Tsaya a bakin ƙofa, ɗauki hoto da waya, ka kanne ido har hoton ya dushe. Launin da ya mamaye shi ne babba, ko da mai fenti ya ce ba shi ba ne. In biyu suna ja-in-ja, to an yi raba-daidai, kuma shi ne yake gajiyar da ido.

Akwai inda ban yarda da ƙa'idar ba. Ba ta san ƙarfin launi ba. Kashi 10 na ja mai ƙyalli ya fi kashi 30 na ruwan toka ƙara, shi ya sa jan layin nan ya dami ƙanwata duk da lissafinsa daidai yake. Irin wannan launi kashi 5 ma ya ishe shi. Haka kuma ba kowane ado aka gina a kanta ba. Wanda ya tsaya gaban ƙofar fadar Sarkin Zazzau zai ga launuka masu ƙarfi da yawa kafaɗa da kafaɗa, kuma ba su yi faɗa ba, saboda maimaita zane ne ya ɗaure su. Ranar da na ji wani matashin mai fenti yana cewa irin wannan ado ya saɓa ƙa'ida, sai da na zaunar da shi muka yi magana.