WooCommerce da lissafin saiz da kala: inda ya yi daidai, da inda ya bar ƙofa a buɗe

Ɗauki mai sayar da jallabiya a intanet. Samfurin ɗinkinsa ɗaya ne, amma yana da saiz 54 da 56 da 58, kowanne kuma da fari da baƙi. Uku sau biyu shida ke nan, sai dai mu ƙaddara bai sari baƙa saiz 58 ba, saura biyar. Idan ka tambaye shi jallabiya nawa ta rage ya ce maka talatin, bai gaya maka komai ba, domin mai saye ba ya zuwa neman jallabiya haka kawai. Baƙa saiz 56 yake so, kuma ita ce ko dai akwai ko babu. Wannan haɗuwa ta saiz ɗaya da kala ɗaya ita zan riƙa kira nau'i. A kan nau'i ake ƙirga, a kansa ake sa farashi. Sunan kayan da hotonsa da bayaninsa ne kawai na kowa da kowa.

WooCommerce, manhajar da ake ɗorawa kan WordPress a mayar da shi shago, ya gane wannan, kuma ya cancanci yabo a kai. Kowane nau'i yana samun nasa layi a teburin `wp_posts` da alamar `product_variation`, sannan `post_parent` ya nuna uwar kayan da ya fito daga gare ta. Jallabiyarmu za ta samu layi shida: uwa ɗaya, 'ya'ya biyar. Baƙa saiz 58 ba ta da layi, don haka ba za a iya sayar da ita ba. Haka ya kamata.

Ƙorafina ya fara ne daga inda aka ajiye farashi da adadin kaya. WordPress don rubuce-rubuce aka gina shi, ba shi da gurbin kuɗi, sai aka zuba komai a teburin `wp_postmeta`, wanda tsarinsa shi ne lambar layi, sunan abu, da abin da ke ciki. Farashi yana ƙarƙashin `_price`, adadi yana `_stock`, lambar shaidar kaya tana `_sku`, duk kuma a gurbi ɗaya mai suna `meta_value`, wanda gurbin rubutu ne. Ka ga rumbun bayanai bai san cewa 9000 kuɗi ba ne. Idan ka sa shi ya jera farashi kai tsaye ba ka mayar da shi lamba ba, zai sa 12000 a gaban 9000, saboda yana kallon harafin farko ne, 1 kuwa ta riga 9. Wannan ma ƙarami ne. Babbar matsalar ita ce rumbun ba shi da ikon hana ɓarna. Ba zai hana nau'i biyu su zama fara saiz 56 kowanne da nasa farashi ba. Hana maimaita `_sku` ma a cikin lambobin manhajar ake yi, wanda ke nufin duk wani ƙarin kayan aiki da ya rubuta kai tsaye cikin rumbun ya tsallake mai gadi.

Abin da ya fi damuna shi ne zaɓin nan da za ka gani yayin ƙirƙirar nau'i, mai farawa da `Any`, wato kowace kala ko kowane saiz. A ƙasa, ana barin gurbin kalar wayam ne, sai manhajar ta fassara shi da cewa duk abin da mai saye ya zaɓa ya dace. Yana rage aiki kam, don maimakon nau'i biyar sai ka cika uku, ɗaya ga kowane saiz. To bi lissafin ka gani. A saiz 56 mutuminmu yana da fara takwas, baƙa biyu, ya rubuta 10. Mutum uku suka sayi baƙa. Shagon ya karɓi kuɗin duka ukun, ya mayar da adadi 7, kuma a wurinsa babu abin da ya faru. A kanta kuwa akwai fara takwas, babu baƙa ko ɗaya, ga wani yana jiran kayan da ba su wanzu ba. Duba yadda lambar ta kasa ta kowane ɓangare: 7 ba adadin farare ba ne, ba na baƙaƙe ba. Kuma fa baƙa saiz 58 da ba a taɓa sarowa ba, yanzu ita ma ta shiga kasuwa.

Abin yana ƙara dagulewa idan daga baya ya ƙara nau'i na musamman, baƙa saiz 56 mai tsada, ya bar na `Any` yana nan. Zaɓin mai saye ya dace da biyu ke nan, manhajar kuma tana ɗaukar wanda ta fara cin karo da shi a jeri. Wato farashin da za a caji mutum ya dogara da wane nau'i aka ja sama a allon mai shago. Alamar wannan ciwo a bayyane take: jimillar kaya a kwamfuta tana kusa da ta kanta, amma kana yawan ba masu saye haƙuri a kan kala ɗaya.

Za a iya kare zaɓin, kuma akwai inda yake da ma'ana. Idan rigar ɗaya ce, bambancin kawai rubutun da za a buga mata bayan an saya, to tulin kayan ɗaya ne da gaske, ƙirga shi wuri ɗaya daidai ne. Gwajin shi ne ka tambayi kanka ko abubuwan biyu suna iya ƙarewa daban-daban. Laifin manhajar shi ne ba ta tilasta wa mai shago amsa wannan tambaya ba.

Ga yadda teburin zai kasance da don kaya aka gina shi tun farko:

```sql
CREATE TABLE variant (
  sku        VARCHAR(40) PRIMARY KEY,
  product_id INT NOT NULL,
  size       VARCHAR(10) NOT NULL,
  colour     VARCHAR(20) NOT NULL,
  price_kobo INT NOT NULL,
  stock      INT NOT NULL CHECK (stock >= 0),
  UNIQUE (product_id, size, colour)
);
```

`NOT NULL` ya sa dole kowane nau'i ya faɗi kalarsa, `UNIQUE` ya hana fara saiz 56 shiga sau biyu, `CHECK` kuma ya ƙi sayar da baƙa ta uku domin adadi zai faɗa ƙasa da sifili. Kula dai, MySQL bai fara aiki da `CHECK` da gaske ba sai daga 8.0.16, kafin nan yana karantawa ne ya wuce.

Wannan tebur ma yana da iyaka. Ranar da mutuminmu ya fara sayar da turare, wanda ake bambantawa da girman kwalba, saiz da kala sun zama kaya a ka. Irin wannan sassauci WooCommerce ya saya da tsarinsa, don shago ɗaya ya iya ɗaukar takalmi da littafi da waya. Amma ana iya barin siffofi su zama masu sassauci a nasu tebur, a tsare farashi da adadi a gurbin lamba, tunda duk wani kaya yana da su. Masu manhajar sun matso wajen nan a 2019, a siga ta 3.6, da suka ƙara teburin `wc_product_meta_lookup` mai gurbin farashi da adadi na gaske. Ya saukaka nema da jerawa, sai dai kwafi ne, asalin yana nan a `wp_postmeta`. Idan wani ya gyara asalin kai tsaye, kwafin zai ci gaba da nuna tsohon farashi har sai an sake gina shi daga sashen `Tools` da ke ƙarƙashin `Status`.