Maƙeran Gaya da ma'aunin mai sharhin baje koli

A tarihin baka na Kano ana cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka bi sawun tama har gindin Dutsen Dala suka zauna. Binciken masana kayan tarihi kuma ya nuna an narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Shi ya sa ɗan Gaya ko ɗan Ajingi da ya shiga gidan tarihi irin Gidan Makama yakan fara da duba inda aka ajiye sunan garinsu. In ya gani ya yaba, in bai gani ba ya kushe. Kishin gari abu ne mai kyau, amma sharhin da aka ɗora a kansa kaɗai ba ya amfanar mai karatu, kuma zalunci ne ga waɗanda suka yi wahalar shirya kayan.

Adalci yana farawa daga abin da masu baje kolin suka ce za su nuna, wanda yawanci yana rubuce a allon bakin ƙofa. Idan sun ce sana'ar ƙira ta yau za su nuna, ba a kama su da laifin tsallake Abagayawa. Idan kuwa sun rubuta cewa asalin ƙira a ƙasar Kano ne, tsallake Gaya giɓi ne, kuma mai sharhi yana da hujjar faɗa.

A ce an jera uwar maƙera, masaba, awartaki, zugazugi da wata garma, aka liƙa takarda mai cewa "kayan ƙira na dauri." Wani zai rubuta cewa wurin ya burge, wani ya ce ba armashi, kuma duk cikinsu babu wanda ya ƙaru da komai. Mai sharhi na gaske zai tsaya a kan garmar. Ƙarfen da aka narka daga tama a gargajiyance yakan zo da zanen dattin narki a jikinsa, in ya yi tsatsa sai ya riƙa ɓarewa bi da bi. Wanda aka ƙera da sifirin mota ko wani ƙarfen bature kuwa jikinsa bai ɗaya ne, wani lokaci har da ramin noti ko ragowar lambar kamfani. In ya ga ramin noti, ya sami abin rubutawa: takarda ta ce dauri, garma ta nuna zamanin mota. Kowa zai iya zuwa ya duba da idonsa, ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Amma ido yana da iyaka, kuma a nan ne da yawa ke wuce gona da iri. Rashin ramin noti ba ya tabbatar da tsufa, domin tsatsa tana ɓoye abubuwa, kuma gwajin ɗakin bincike ne ke yanke hukunci. Abin da ya dace shi ne a nemi jami'in da ke kula da kayan a tambaye shi daga wane gari aka samo garmar, a wace shekara, kuma ko tana da lamba a rajista. Idan ya fito da rajista, a rubuta abin da ke ciki. Idan babu, a rubuta cewa ba a bayyana asalinta ba, kada a ce ta jabu ce. Ni a ganina sharhin da ya zargi ma'aikaci ba tare da an ji ta bakinsa ba bai cancanci bugawa ba.

Haka ma kalmar "asali." Zuwan Abagayawa riwaya ce, shekarun narki a Dala kuwa sakamakon gwaji ne. Allon da ya gwama su kamar abu ɗaya ya yi kuskure ko da ya daɗaɗa wa Gayawa rai, kuma ɗan Gaya mai adalci shi ya fi cancanta ya fara nuna hakan.

Sauran abubuwa aunawa ake yi. Shin bayanin yana da Hausa, ko Turanci ne zalla? Ɗalibin firamare zai iya karantawa daga tsaye? Idan an rataye rigar saƙi kusa da taga, a tuna cewa masu adana kayan tarihi ba sa son hasken da ke kan tufa ya wuce lux 50, kuma hasken taga da rana ya ninka haka sau da yawa. Koɗewar kafaɗar da ke fuskantar tagar ita ce shaida.

Ra'ayi yana da gurbinsa, muddin an kira shi da sunansa. Mai sharhi zai iya cewa ya fi son a haɗa zugazugi da murhu yadda suke a maƙera, domin yaron da bai taɓa ganin zuga ba ya gane inda iska ke bi. Mai shiryawa kuma zai iya amsa masa cewa fatar ta tsufa, ba za ta jure zama a ƙasa ba, kuma wannan amsar ma tana da haƙƙin shiga sharhin.