Raha a Cikin Tallan Abin Sha: Nazari Daga Kasuwar Maigatari

Tun kafin rediyo ya shigo ƙasar Gumel, 'yan kama da 'yan gambara sun riga sun fahimci cewa wanda ka sa shi dariya ya ba ka kunnensa, kuma a kan wannan hikima tallan barkwanci na zamani ya ginu, ta hannun irin su Samanja Mazan Fama da marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, waɗanda suka saba wa Bahaushe da gajeren wasa mai ban dariya. Sai dai fannin yana da aibi guda wanda ya yawaita, shi ne a yi dariya har da hawaye, a wayi gari ana maimaita maganar ɗan wasa a majalisa, alhali ba wanda zai iya tuna abin da aka tallata.

Mizanin gane wannan aibi ba wuya gare shi. A cire sunan abin shan daga rubutun a sa sabulu ko batir a gurbinsa. Idan dariyar ta tsaya da ƙafarta, to, mai kaya ya biya kuɗin nishaɗin jama'a ne kurum, domin sharaɗin wannan fanni shi ne raha ta tsiro daga wata sifa ta abin shan kansa, ko sanyinsa, ko ɗanɗanonsa, ko kwaɗayin da yake tayarwa.

Bari mu gwada da zoɓo na kwalba, tun da manoman Gagarawa da Sule Tankarkar suna nomansa, Maigatari kuwa, da ke bakin iyakar Nijar, ta yi suna wajen cinikinsa. A ɗauka ranar Alhamis ce a kara, rana ta take, ana jin kukan shanu, ga dillali Bamange, ga Bafillace da bijiminsa.

Dillali: Jauro, kafin mu yi ciniki, ga zoɓo mai sanyi, jiƙa maƙoshi.
Bafillace: Subhanallahi! Ni in sha abu a kasuwa? Ba ni jin ƙishirwa. Kawo dai in riƙe maka.
Dillali: To, na taya sa, dubu ɗari huɗu.
Bafillace: Albarka.
(A ji ƙarar buɗe murfi, sa'an nan ƙwat, ƙwat, ƙwat.)
Dillali: Af! Ina zoɓon da na ba ka ajiya?
Bafillace: Aradu ranar Maigatari ce ta shanye shi. Ƙara mini wani in riƙe, in ga ko za ta kuma.
Dillali: Ciniki fa?
Bafillace: Na sallama, amma a cika mini da kwalba biyu.

Abin lura a nan shi ne fulako, wato kunyar da ke hana Bafillace ci ko sha a bainar jama'a, al'ada ce da kowane mai sauraro a wannan yanki ya sani, saboda haka rushewarta a gaban kwalba ɗaya hujja ce a kan daɗin abin shan, wadda ta fi ƙarfin duk wani kirari da mai sanarwa zai yi. Da sabulu aka ba shi ya riƙe, da wasan ya mutu nan take. Ƙarar murfi da ta haɗiya kuwa su ne idon mai sauraron rediyo, don haka wajibi ne a bar musu daƙiƙa biyu ko uku ba magana, ko da yake masu haɗa talla sukan yi rowar wannan shiru, su cusa kiɗa a wurin, su kashe dariyar da hannunsu.

Tallan minti ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kalma ɗari da hamsin, shi ya sa mutum biyu da dariya ɗaya sun wadatar. Sunan kamfani kuma ya fito daga bakin 'yan wasan, a wurin miƙa kwalba da wurin sallamawa, kada a jinkirta shi sai mai sanarwa ya zo a ƙarshe, lokacin da jama'a ke tsakiyar dariya ba su ji.

Akwai haddi biyu da ban ga halaccin ƙetare su ba. Na farko, wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, wanda Mangawan Gumel suke da rabo a ciki, wasa ne na ramuwa, kuma Bafillace ma mai sayen abin shan ne. Shi ya sa a misalin nan, ko da yake ya sha kunya, shi ne ya tafi da kwalba uku, dillali ya tashi da ƙishirwarsa. Na biyu ya fi nauyi, domin zoɓo ya yi suna a bakin mutane da saukar da hawan jini, marubuci kuwa yakan ji sha'awar sa wa ɗan wasa wannan da'awa a baki da sunan raha. Hukumar NAFDAC ba ta yarda a jingina wa abin sha warkar da cuta ba tare da izininta ba, shari'a ma ta haramta yaudara a ciniki, kuma dattijon da ya ji haka a rediyo yana iya ajiye maganin da likita ya rubuta masa ya koma wa kwalba.