Kewa a Bakin Wasu: Wasiƙar Uwa ga Ɗanta na Ƙetare

Uwa Bahaushiya ba ta cika cewa tana kewar ɗanta ba, balle ɗan fari, wanda ko sunansa alkunya ba ta barinta ta kama. A zamanin wasiƙa, sau da yawa ma ba ita ke riƙe da alƙalamin ba. Faɗa take yi, wani ɗan makaranta na gidan yana rubutawa da boko ko ajami, sannan a ba maniyyaci ya kai Jidda ko Makka. Maganar da kunne na uku ke saurare kuwa dole a tauna ta.

To ina kewar take shiga? Bakin wasu ake sa ta. A ce ɗan yana aikin ɗinki a Jidda, an kwana biyu bai bugo waya ba. Bayan gaisuwa da fatan alheri, sai ta ce: “Ƙanwarka kullum sai ta tambayi ranar da za ka kira. Mangwaron da ka dasa a bayan ɗaki ya yi ’ya’ya bana, na hana yara tsinka.” Ba ta ce komai game da kanta ba, amma ai wadda ta hana yara tsinka ita ce mai jira. Daga nan sai ta riga shi kawo uzuri: “Na san aiki ne ya sha kanka.”

Wannan uzurin, a ganina, shi ne ƙashin bayan wasiƙar, kuma kunya kaɗai ba ta isa ta bayyana shi ba. Bahaushe ya yarda bakin uwa yana kamawa. Idan ta ce “ka manta da mu”, ɗan ba zai ji shi a matsayin ƙorafi kawai ba. Zai shiga fargabar ko albarka ta janye. Ita ma ta san nauyin harshenta, tana tsoron kada ɓacin ranta ya bi yaron da ke neman halal a ƙasar mutane. Shi ya sa take rufewa da “Allah ya yi maka albarka”, don ya san shirunsa bai zama laifi ba.

Inda wasiƙar ke ɓaci, galibi hannun marubucin ne. Ana gane shi idan aka ga kwatance, kamar a ce ɗan maƙwabta yana kira duk Juma’a, ko kuma buƙatar kuɗi ta biyo bayan zancen kewa kai tsaye. Da zarar haka ta faru, ɗan zai aiko da kuɗi, ya ɗauka ya amsa.

Zuwan kaset, daga baya kuma saƙon murya a waya, ya kawar da marubucin, amma ya kawo wata matsalar. Takarda tana ɓoye rawar murya, na’ura ba ta ɓoyewa. Saboda haka za ka ji uwa ta gajarta nata saƙon, ta miƙa wa jikoki wayar su yi ta gaisuwa.