Shi Ne ko Ita Ce? Tarkon Tafinta Tsakanin Yarbanci da Hausa

Duk wanda ya taɓa yi wa 'yan kasuwa tafinta a unguwar Sabo ta Ibadan ya san cewa Bayarabe yana iya ba da labarin mutum tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya faɗi ko namiji ne ko mace ba. Wakilin sunansa ɗaya ne, "o". Haka abin yake a Fulatanci, su ma "o" suke cewa, Zabarmawa kuma "a". Hausa ba ta yarda da wannan shirun ba. Da zarar ka buɗe baki sai ka zaɓi ya ko ta, ne ko ce, dogo ko doguwa.

A ɗauki saƙon da wata mai sayar da goro ta aiko wa dillalinta: "Aburo Taiwo ti de, o fe gba owo." Wato wani na ƙasa da Taiwo ya iso, yana son karɓar kuɗi. Ka ga ni ma har na mai da shi namiji. Kalmar "aburo" shekaru kawai take nunawa, tana ɗaukar ƙane, tana ɗaukar ƙanwa. Sunan ma ba zai cece ka ba, domin Taiwo sunan wanda ya fara fitowa ne cikin tagwaye, mace ko namiji, ba kamar Hassan da Hassana ba. In an ce maka sunan mai zuwan Idowu, to Gambo ke nan, wanda mu ma muke raɗa wa kowane jinsi. Idan tafinta ya ce "ƙanen Taiwo ya iso", ya ƙara abin da mai saƙo ba ta faɗa ba. Yarinya za ta zo rumfa, dillali ya hana ta kuɗi, don shi saurayi yake jira.

Tafinta na ƙwarai yakan fara lalube cikin sauran maganar. Idan an ambaci "oko re", mijinta, ko "iyawo re", matarsa, magana ta ƙare. Sana'a kuwa ba hujja ba ce. Matan Yarbawa sun daɗe da riƙe kasuwa, don haka wanda ya zaci duk mai karɓar kuɗi namiji ne zai sha kuskure.

In babu wata alama, Hausa tana da ƙofar fita: "an iso, ana son karɓar kuɗi", ko "daga cikin ƙannen Taiwo", tunda jam'i ba ya rarrabe jinsi. Amma wannan dabarar jimla biyu ko uku take ɗauka, daga nan sai magana ta dagule, a rasa wa ya yi me.

A ganina, a saƙon kuɗi, na rashin lafiya ko na rasuwa, bai halatta tafinta ya yi canke ba. Ya koma ya tambayi mai saƙo. In hakan ya gagara, ya gaya wa mai karɓa ƙarara cewa ba a fayyace ko namiji ne ko mace ba.